Teburin ANOVA da ƙanwata ta turo mini a hoto

Ƙanwata ce ta turo mini hoton da daddare ta WhatsApp, ta ce: "Yaya, don Allah ka duba mini wannan, gobe za mu miƙa." Teburin ANOVA ne mai hanya ɗaya, wato lissafin da ake gano ko matsakaicin sakamakon rukunoni ya bambanta, a kan gwajin taki iri 4 a gonar masara. An bar gurbin SS, wato sum of squares, ma'aunin yawan bambanci, na tsakanin rukunoni da na cikin rukunoni babu komai, haka ma gurbin F, lambar da ake yanke hukunci da ita. An ba da SS na jimla 430, da MS, wato mean square, na cikin rukunoni 12.5, sai df, wato degrees of freedom, na jimla wanda inuwar hannunta ta faɗa kansa.

Na karanta shi 28, na kama aiki. Tunda rukuni 4 ne, df na tsakani 3 ne, saura 25 na ciki. Na ninka 12.5 sau 25, na bi lissafin har ƙarshe, F ya fito 3.13. Har na fara rubuta mata amsa sai wani abu ya tsaya mini a rai. Df na jimla dai shi ne yawan samfuri a cire ɗaya, ke nan fuloti 29 ne. Ta yaya za a raba 29 gida huɗu daidai? Yana yiwuwa rukunoni su bambanta a yawa, amma da wuya a ba ɗalibi irin haka ba tare da an faɗa ba. Na ce ta sake ɗauko hoton a gaban fitila, har da rubutun da ke saman teburin. Ashe kowane taki fuloti 6 aka ba shi, jimla 24. Lambar 23 ce.

Daga nan komai ya zauna. Df na ciki 20 ne, wato 23 a cire 3. Da yake MS = SS/df, sai na juya shi: 12.5 × 20 = 250, shi ne SS na ciki. Na cire 250 daga 430, ya rage 180 na tsakani. Na raba 180 gida 3, MS na tsakani ya zama 60, sannan F = 60/12.5 = 4.8. A jadawalin F, a matakin 0.05 da df 3 da 20, iyakar ita ce 3.10, don haka aƙalla taki ɗaya ya bambanta da wani, ko da yake teburin ba ya faɗin wanne.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar farko ma ta haura iyakarta, wato 2.99, kuma SS ɗin sun haɗu sun ba da 430 cif, tunda ragewa na yi. Babu abin da zai tona kuskuren daga cikin teburin. Yanzu kafin in taɓa ko SS ɗaya, sai na gwada df da yawan samfurin da tambayar ta faɗa.