Layin Excel bai san damina ba

Na ajiye aikin kula da talla a wani kamfanin sayar da kayan sola a nan Katsina, kuma tunda abokan aiki suna ta tambayar abin da ya haɗa ni da Oga, gara in faɗa da alƙaluma, don a kansu aka yi rigimar.

Ƙarshen watan Yuni ya ce in fitar masa da hasashen kwata mai zuwa, wato wata uku masu zuwa: mutum nawa za su bar mana lambar waya ko su yi mana magana ta WhatsApp saboda tallarmu, kuma nawa za mu kashe. Kwata biyar kacal muke da su a rubuce. Masu neman bayani sun kasance 300, 350, 370, 420, sai na ƙarshe 710. Na jera lambar kwata a layin A, yawan mutane a layin B, na rubuta:

```
=FORECAST.LINEAR(6,B2:B6,A2:A6)
```

Ya ba ni 697. Amma wannan dabarar miƙaƙƙen layi kawai take ja ta tsakiyar alƙaluman, ba ruwanta da dalilin hawa ko sauka. Mu kuwa mun san dalilin 710 ɗin nan. Afrilu zuwa Yuni ne, ana tsananin zafi, kowa na neman abin da zai juya masa fanka, mun yi rangwame, sannan mun kusa ninka kuɗin talla, daga kusan naira miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1. Lamba ɗaya irin wannan, in ta zo a ƙarshe, sai ta ɗaga bakin layin gaba ɗaya. Ana ganewa idan aka sa layin ya "hasko" kwatan da ya riga ya wuce. Na gwada da na huɗu, ya ce 519, alhali 420 muka samu. Layin da ya kuskure jiya da kusan mutum ɗari, ta yaya zan ba shi amanar gobe?

Sai na cire kwata na biyar, na tsaya a `B2:B5` da `A2:A5`. Amsa ta dawo 493, wato ƙarin kusan mutum 38 duk kwata maimakon 89. Ko wannan ma na rubuta a gefe cewa yana iya yin yawa, don Yuli zuwa Satumba damina ce. Gari ya yi sanyi, kuɗin mutane ya tafi taki da noma, mai son sola sai ya ce a bari sai kaka.

Kuɗi kuma ban yi hasashensa kai tsaye ba. Na raba abin da muka kashe da yawan mutanen kowane kwata, na ga a kwata huɗun farko kowane mutum ɗaya ya tashi mana a kan naira 2,000, sannan 2,200, 2,400, 2,600. Wanda ya sayi talla a Facebook tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba sai an ba shi labari ba. A wannan tafiyar kwata na shida zai kai 3,000. In ka ninka da 493, kusan miliyan ɗaya da rabi ke nan.

Na kai masa duka biyun a takarda ɗaya. Ya sa biro ya zagaye 697, ya ce, "Malam, wannan fa kwamfuta ce ta faɗa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗayar ma ita ta faɗa." Bai ko ɗago ba. Ya ninka 700 da tsohon farashin 2,000, ya shiga wurin masu kamfani da alƙawarin mutum 700 a kan miliyan 1.4. Ya ɗauki yawan mutanen lokacin da muka fi kashe kuɗi, ya aura masa farashin lokacin da talla ta fi araha. Miliyan 1.4 a kan 3,000 kuwa mutum 467 take sayowa, ko ɗan firamare zai raba.

Ƙarshen Satumba muka tashi da 470 da 'yan kai. A taro aka ce sashen talla ya gaza da kashi ɗaya cikin uku, kuma "mai Excel" ne ya kawo lambar. Takardata mai 493 ba wanda ya sake ganinta.

Ga wanda zai gaje ni: hasashe a tura shi ta imel, da kwanan wata, da sharaɗinsa a rubuce kusa da lambar. Kada ka yi saurin danna Forecast Sheet, maɓallin hasashe na Excel, da kwata biyar, domin ba zai gane zafi da damina ba sai ya ga sun maimaita kansu, aƙalla shekara biyu. Azumi ma yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka sai ka sa masa alama da hannunka. Fayil ɗin yana nan a kwamfutar ofis, lissafin 493 na shafi na biyu, in ba a goge ba.