Inda na kai da wuyan riga: jiki ɗaya, yanka huɗu

'Yan uwa masu koyon ɗinki, ga inda aikina ya kai tun bayan da muka gama darasin hannun riga. Na ɗauki takardar yanka guda ɗaya, ta bulawus mai kama jiki, na bar tsawo da hannu da ƙugu yadda suke, wuya kaɗai nake sauyawa. Awon ƙanwata ne: ƙirji santimita 96, tsawon kafaɗa daga gindin wuya zuwa baki 12, faɗin wuya a takarda daga wannan gefe zuwa wancan 16. Gwajin farko duk a akoko na yi shi, don ba a koyon almakashi a kan atamfar mutane. Abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne, tun kafin a dubi mai sakawa, yadin ne ke faɗin wuyan da zai karɓa. Mu nan Garwa ta ƙasar Kamaru kusan duk abin da ake kawo wa tela atamfa ce, auduga mai tauri wadda ke tsayawa inda aka ajiye ta, kuma wannan taurin ne ya raba min wuyan huɗun gida biyu.

Na fara da wuyan kwalekwale, wanda teloli masu Faransanci ke cewa bato. Layi ne kusan miƙaƙƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa, yana bin ƙashin wuya. A takarda na matsar da bakin wuyan santimita 7 zuwa waje a kowane gefe, sai ɗinkin kafaɗa ya rage saura 5, faɗin wuyan kuma ya koma 30. A tsakiyar gaba ban sauka sosai ba, santimita 1 kawai a ƙasan ramin maƙogwaro, sannan na haɗa da layi mai ɗan lanƙwasa. Idan aka haɗa gaba da baya, bakin ya haura santimita 60, kan mace kuma yawanci bai wuce 56 ko 57 ba, don haka yana shiga ko da kitso, sai dai in an yi ƙari mai tudu. Duk da haka na sa zif a baya, saboda matsewar ƙugun.

Da ta saka, idon mai kallo sai ya riƙa tafiya a kwance, kafaɗa ta yi faɗi, ƙugu ya yi kamar ya ragu alhali ban taɓa shi ba. Ga mai ƙananan kafaɗu da cikar ƙasa, wannan wuyan yana daidaita sama da ƙasa yadda ya kamata, musamman da zani ko siket mai buɗewa. Amma ga mai cikar ƙirji, daga wuya zuwa ƙugu sai ya zama fili guda ba abin da ya raba shi, ƙirjin ya ƙara girma a ido, wuya kuma ya gajarce. Akwai wani amfani da ban yi tunaninsa ba sai da na gani: tunda ba a yanke komai daga gaba ba, babban furen atamfa yana fitowa cikakke. Irin atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mai rubutu da tambari, wadda ake cika shaguna da ita tun watan Fabrairu, bato ne ke barin zanenta lafiya.

Cutar bato ita ce buɗe baki. Idan mai riga ta tsaya kika ga tsakiyar gaba ya ɗaga daga jiki har yatsu biyu na iya shiga, to layin wuyan ya fi jikin tsawo. Maganinsa a takarda yake: a tsinke ɗan yanki mai kusan santimita 1 daga bakin wuya a kowane ɓangare, a naɗe shi ya mutu wajen kan ƙirji, rarar ta koma cikin dat, wato ninkin da ake ɗinkewa don yadi ya bi siffar ƙirji. Hajiyar da ke koya mana ta ƙara min da cewa in bar wuyan baya ya ɗan fi na gaba faɗi da rabin santimita kowane gefe, don in an haɗa kafaɗa bayan ya ja gaban ya kwantar da shi. Sai shafin wuya mai faɗin santimita 6 da aka manna wa farin gam da dutsen guga, a tsattsaga rarar ɗinkin a inda ya lanƙwashe, a danne ta da ɗinki a jikin shafin don kar ya leƙo waje. Abu na ƙarshe, kafaɗar santimita 5 ba ta rufe igiyar rigar mama da kanta. Na ɗinka 'yar madauki a ciki mai ƙaramin maɓalli, tana riƙe igiyar a ƙarƙashin kafaɗar.

Wuyan zuciya shi ma ɗan gidan atamfa ne, don yana son yadi mai riƙe siffa. Baka biyu ne da ke bin saman ƙirji su haɗu a tsini a tsakiya. Aikinsa kishiyar na bato ne: yana buɗe fata a tsaye, wuya ya ƙara tsawo, ƙirji mai cika ya rabu biyu a ido ya daina zama fili guda. Shi ya sa amare ke nemansa. Wahalarsa ita ce jikin mace yana faɗawa ciki a saman ƙirji da kuma tsakaninsa, takarda kuwa shimfiɗe take, don haka duk saukar da aka ƙara, rarar da za a tsinke tana ƙaruwa. Na fi samun sa daidai da na raba gaban rigar gida uku, ɗinki biyu suka bi ta kan ƙirji, domin a cikin waɗannan ɗinkunan ake cinye rarar ba tare da an gani ba. Bakan kuma a karkace suke yankar zaren yadi, suna saurin miƙewa, saboda haka da zarar an yanka a bi bakinsu da ɗinki ɗaya kafin a ci gaba da juya yadin a hannu. A tsinin tsakiya a tsaga rarar har dab da zare, in ba haka ba wurin zai tattare in an juya. Kuma a duba inda manyan da'irorin atamfar za su faɗa kafin a sa almakashi, kar biyu su zauna daidai kan ƙirji.

Tunda yawancin masu kawo mana ɗinki ba za su fita da ƙirji a buɗe ba, na cike saman da leshi mai shafi har zuwa gindin wuya. Siffar zuciyar tana nan a ido, jiki kuma a rufe.

Holta, mai ratayawa a wuya, ba zan daɗe a kanta ba. Layinta yana tashi daga hammata ya nufi wuya, kafaɗa da saman baya su fito fili, nauyin rigar duka ya koma kan ƙeya. Tana fito da kafaɗa ta ƙara mata faɗi a ido, kuma in ba a tsinke rara a gefen hammata ba sai wurin ya buɗe. Bayan yana buƙatar roba don kar ya zame. Da atamfa mai shafi, igiyar tana cin wuya, balle a zafin Maris da Afrilu da muke haura digiri 40. A ganina rigar cikin gida ce ko ta ƙarƙashin 'yar jaket. Mai son layin kawai, a yi mata hannun da ke tashi daga wuya da wani yadi mai launi daban, za ta sami siffar ba tare da kafaɗa a waje ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kawul, wuya mai zubowa. Na gwada shi da ragowar atamfa da gangan don in ga abin da zai faru, sai ya tsaya ƙiƙam a gaban ƙirji kamar bakin kwarya, bai zubo ko kaɗan ba. Wannan wuyan ba a yanka siffarsa, nauyin yadi ne ke yin ta. Yana son abu mai laushi da santsi, irin satin ko kiref ko yadi mai roba, kuma in saƙaƙƙen yadi ne dole tsakiyar gaba ta hau karkace, wato digiri 45 daga bakin yadin. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan layin ita ce a naɗo kusurwar yadi har bakin yanka ya kwanta a kan bakin saƙa, ninkin da ya fito shi ne karkacen.

Lissafin yana da sauƙi da zarar an gane shi. A jikin ƙanwata, wuraren biyu da gaban rigar zai rataya a kafaɗa suna da tazarar santimita 18. Idan bakin yadin da ke tsakaninsu ya fi 18 tsawo, rarar ba ta da wurin zuwa sai ƙasa. Na auna daga kafaɗa zuwa inda take so ya sauka a tsakiya, ya ba ni 17, don haka bakin sama ya zama miƙaƙƙen layi mai tsawon 34. A takarda na rufe dat ɗin ƙirji rarar ta koma wuya, na tsaga layi biyu daga tsakiyar gaba zuwa kafaɗa ban raba su ba, na buɗe su har rabin bakin ya kai 17, kuma ya yi kusurwar digiri 90 da layin tsakiya. Da aka saka ya sauka kamar santimita 13 daga gindin wuya, da ninki biyu masu laushi. Da na ƙara rabin ya kai 22, saukar ta kusa 19, kuma in ta sunkuya ana ganin ciki. Wannan sai da 'yar shimi a ƙasa.

Shafin kawul ba daban ake yanka shi ba. A bar ƙarin santimita 8 a saman miƙaƙƙen layin, a ninke shi ciki, a kama shi a ɗinkin kafaɗa kaɗai. Kar a sa gam, kar a bi bakin da ɗinki, kar a danne ninkin da guga, duk wanda aka yi cikin ukun nan zubin ya mutu. Idan ninkin yana juyowa waje, a ɗinka ɗan abu mai nauyi, ko tsabar kuɗi a cikin ƙyalle, a tsakiyar shafin ta ciki. Idan kuma zubin ya karkata gefe ɗaya, to tsakiyar ba ta hau digiri 45 daidai ba, kuma wannan ba ya gyaruwa bayan yanka.

A ido kawul yana tausasa saman jiki, yana ƙara wa mai ƙaramin ƙirji cika. Sai dai yana cin yadi fiye da sauran, gara a nemi mai faɗin santimita 150, kuma gyalen da aka yafa a kafaɗa yana danne ninkin ya ɓoye shi, don haka ya fi fitowa da ɗankwali kaɗai. Yadin da aka yanka a karkace yana ci gaba da miƙewa bayan ɗinki, shi ya sa rigar satin ɗin tana rataye yanzu, sai ta kwana ta wuni kafin in daidaita ƙasanta in yi kalmasa. Bayan ta zan koma kan wuyan zuciya da awon mai ƙirji 110, in ga yawan rarar da za a tsinke a can.