Abin da SHA-256 ta koya min kafin in ajiye aiki

Yau kwana uku da na miƙa katin shiga ofis, to bari in faɗi maganar fayil ɗin nan tunda har yanzu wasu na ɗauka ni kaɗai na yi ɓarnar.

Oga ya ce a tura wa kamfanin da ke mana nazari bayanan kwastomomi amma a ɓoye lambobin waya. Na ce ai da sauƙi, sai in bi kowace lamba da SHA-256, lissafin da ke mayar da bayani wani jerin haruffa da ake kira hash, tunda hash kamar zanen yatsa ne, yana tabbatar da mai shi amma ba ka iya zana fuskarsa daga shi. Ya ce "kai ka sani, yi kawai", wallahi da bakinsa.

Kuma fa ban yi ƙarya ba. Ko harafi uku ka ba ta ko bidiyon awa biyu, abin da zai fito bit 256 ne, haruffa 64, ba ƙari ba ragi.

```
echo -n "abc" | sha256sum
```

Kullum da `ba7816bf` zai fara, ka canza harafi ɗaya sai komai ya birkice. Dalilin da ba a juya ta baya kuwa, kamar in ce maka na raba wata lamba da 10 saura 7, to wacce ce? 17, 27, ko 1007? An riga an zubar da sauran bayanin. Ga shi kuma ana cakuɗa abin zagaye 64, har yau ba wanda ya fito da hanyar warware shi baya baya.

Inda na faɗi shi ne, mai son lambar baya buƙatar juyawa, canka zai yi. Lamba mai alƙaluma 10 duk duniyarta biliyan 10 ce, katin GPU mai kyau kuma yana lissafa biliyoyin SHA-256 a sakan ɗaya. Sai ya yi hash ɗin dukkansu ya gwada da namu, shikenan. Wani yaro a can ɓangarensu haka ya yi, ya turo imel cikin ladabi da lambobi biyar na farko a fili, ta uku ma tawa ce da na saka lokacin gwaji, nan cikina ya ɗuri ruwa.

Da a ce HMAC na yi, wato hash ɗin da ake haɗawa da makullin sirri da ba ya barin sabarmu, da ba abin da zai iya, don ba shi da abin da zai lissafa. Zuba gishiri, wato ƙara wa lambar wasu haruffa kafin a yi hash, ba ya ceton ka in har gishirin na cikin fayil ɗin da ka tura. Kalmar sirri kuwa da bcrypt ko Argon2 ake yi mata hash, da gangan aka yi su masu jan ƙafa don mai canka ya sha wuya.

A mitin oga ya ce bai taɓa jin maganar ba, ni na sha takardar gargaɗi. Ni kuma na sake gina tsarin da HMAC a kwana biyu, shi suke amfani da shi har yau, a rahoton wata dai sunan oga aka saka.