Cikin da ya zauna a wajen mahaifa: allura ko tiyata?

Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa da ta zo mini da ciwon mara, gwajin fitsari na ciki nake fara yi mata, ko da ta rantse ba ta yi ɓatan wata ba. Dalili kuwa, cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan zo da ɗigon jini, mace ta ɗauka al'ada ce ta zo mata kaɗan. Da yawa sai sun sha maganin taifot ko na gyambon ciki a kemis kafin su iso. A cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu irin wannan ne.

Ƙwan mace da maniyyi a cikin bututun mahaifa suke haɗuwa, daga nan ƙwan ya gangara cikin 'yan kwanaki ya manne a mahaifa. Idan bututun ya taɓa yin rauni, ta hanyar ciwon sanyi da ya hau sama, ko tiyata, ko irin wannan cikin a baya, sai ƙwan ya maƙale a hanya ya fara girma a nan. Amma kusan rabin matan ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Sama da kashi 90 cikin 100 a bututun suke zama, galibi a ɓangarensa mai faɗi. Wanda ya zauna a siririn ɓangaren ya fi saurin fashewa, don babu wurin buɗawa. Wanda na fi tsoro shi ne na kusurwa, inda bututu ya ratsa naman mahaifa: naman yana ba shi damar girma har ya wuce wata biyu, jijiyoyin jinin wurin kuma manya ne, in ya fashe jini kamar an kwance famfo. Ragowar sukan zauna a ma'ajiyar ƙwai, ko bakin mahaifa, ko tabon tiyatar haihuwa, ko cikin ciki tsakanin hanji. Cikin bututu ba ya rayuwa, babu kuma dabarar ɗauke shi a mayar mahaifa. Wannan nakan faɗa wa ma'aurata tun farko, domin ita ce tambayar da suke fara yi.

Alamomin sukan bayyana mako 6 zuwa 8 daga al'adar ƙarshe: ciwo a gefe ɗaya na mara, da jini kaɗan-kaɗan mai duhu. Waɗanda ke nuna jini ya fara zuba a ciki su ne jiri ko suma in ta miƙe, da jin bayan gida ya matsa ba abin da ke fita, da ciwo a kan kafaɗa, musamman in ta kwanta. Na kafaɗar yana ruɗa mutane. Jinin da ya taru ne yake taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuma hanyarta ɗaya da ta kafaɗa. Ba na jiran awon hawan jini ya faɗi kafin in yarda, domin matashiya mai lafiya takan zubar da jini mai yawa awonta yana nan daidai. Bugun zuciya nake bi, in ja fatar ido in ga ko ta yi fari, in taɓa tafin hannu in ji ko ya yi sanyi.

Ga yadda nake bin lamarin, da misalin wata mai 'ya'ya biyu da ta zo a mako na bakwai, ciwo a hagu, ɗigon jini na 'yan kwanaki. Tana tafiya da ƙafarta, bugun zuciya 84. Hoton da aka ɗauka ta farji, wanda ya fi na kan ciki nuna abu a wannan matakin, ya nuna mahaifa wayam, da ƙullutu mai santimita 2.2 kusa da ma'ajiyar ƙwai ta hagu amma ba a jikinta ba, babu bugun zuciyar ɗa, babu jini kwance a bayan mahaifa. Sinadarin ciki a jini, wanda ake rubutawa hCG a takardar gwaji, ya nuna 2,100 IU/L.

Akwai tarko biyu a nan. Wani lokaci ɗan ruwa yakan taru a tsakiyar mahaifa ya yi kama da jakar ciki, mai hoto ya rubuta ciki na nan lafiya, ko kuma a ce ɓari ne a yi wankin ciki a sallame ta. Ɗaya tarkon kishiyar wannan ne: mahaifa wayam ba tare da an ga komai a gefe ba bai isa hujjar yin allurar metotirekset, mai tsayar da girman cikin, ba. Ana iya samun ciki lafiyayye da bai kai a gani ba, allurar kuwa za ta kashe shi ko ta nakasa shi. In ban ga ƙullutu ba, matar kuma ƙalau take, nakan sake awon hCG bayan awa 48 in sake hoto. Ciki mai kyau yawanci yana ƙaruwa sosai a wannan tazarar, ɓari yana sauka, na waje kuma yakan tsaya ko ya ɗan motsa kawai.

Allurar metotirekset tana hana jiki amfani da sinadarin folik, wanda ƙwayoyin mabiyiya masu saurin rabuwa ba sa iya yi ba shi. Sai girman ya tsaya, jiki ya tsotse ragowar a hankali. Sharuɗɗanta a wurina: matar ba ta zubar da jini a ciki, ciwon ba mai tsanani ba ne, ƙullutun bai kai santimita 3.5 ba, babu bugun zuciya, hCG kuma ƙasa da 5,000. Iya ƙanƙantar hCG iya kyawun sakamako. Ƙasa da 1,500 ne allurar ta fi ci. Kafin a yi sai an auna yawan ƙwayoyin jini da lafiyar hanta da ƙoda, tunda ta ƙoda maganin ke fita, in ta gaza sai ya taru ya zama guba. Ba a yi wa mai gyambon ciki da ke ci, ko mai raunin garkuwar jiki, ko mai ciwon huhu. Ba a yi wa mai shayarwa, kuma wannan tambaya ce da nake yi da bakina, don mata da yawa a wurinmu suna ɗaukar ciki da goyo a baya.

Sharaɗin da ya fi duka nauyi ba a takardar gwaji yake ba. Na tambayi matar nan mai 'ya'ya biyu, "Malama, in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare, wa zai kawo ki, da me, minti nawa?" Ta ce, "Likita, maigidan yana da mashin, gidanmu bayan kasuwa ne." Da ta ce mini ƙauyensu sai an tsallaka rafi, ko maigida yana kudu sai ƙarshen wata, ko kuɗin gwaji sau biyar zai gagare su, da tiyata zan ba da shawara ko da lambobinta sun fi haka kyau. Bututu yana iya fashewa bayan allura, har ma lokacin da hCG ke sauka. Allura ba sallama ba ce, zaman jira ne na makonni.

Adadin maganin miligiram 50 ne a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Ana lissafin faɗin haka: √(cm × kg ÷ 3600), wato tsawo sau nauyi, a raba da 3600, a ɗauki tushen murabba'i. Tsawonta 160, nauyinta 58, ya ba da 1.6, maganinta ya kama miligiram 80, allura ɗaya a tsoka. Ranar allura ita ce rana ta 1. A rana ta 4 hCG ɗinta ya hau 2,600, hankalin maigidan ya tashi. Hawan nan ba abin mamaki ba ne a kwanakin farko, ba kuma a yanke hukunci da shi. Rana ta 7 ya dawo 2,050. Wanda ya gwada wannan da 2,100 na farko zai ce maganin bai yi komai ba, ya ƙara mata allura a banza. Gwadawar tsakanin rana ta 4 da ta 7 ake yi, ana neman saukar aƙalla kashi 15 cikin 100. Nata ya sauka da 550 daga 2,600, kashi 21 ke nan. Da bai kai ba, sai a sake hoto, a yi allura ta biyu ko a shiga tiyata. Daga nan awo duk mako har ya ɓace, abin da kan ɗauki wata guda, wani lokaci kusan biyu.

Abin da ke ɓata aikin allurar sau da yawa a gida yake. Maganin ƙarin jinin masu ciki yana ɗauke da folik, dole a ajiye shi. Maganin ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak yana hana ƙoda fitar da maganin. Farasitamol kawai na yarda da shi. Babu kwanciyar aure har sai awo ya nuna an gama, a guji daɗewa a rana, kuma kada a ɗauki sabon ciki sai bayan wata uku.

Wuri mafi wuyar hukunci shi ne ciwon da ke zuwa tsakanin rana ta 3 da ta 7, lokacin da cikin ke saɓulewa daga jikin bututu. Ita ma ya same ta. Ba a tantance shi ta waya. Ta zo, aka auna bugun zuciya da yawan jini, aka yi hoto, muka riƙe ta ta kwana. Ciwon saɓulewa yana lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu, bugun zuciya da yawan jini ba sa canzawa. Na fashewa ƙaruwa yake, ciki ya ɗaure, bugu ya hau.

Idan bututun ya fashe, ko alamun sun nuna haka, babu sauran zaɓi. A sa manyan allurai biyu na ƙarin ruwa, a nemi jini, a shiga tiyata. Ba a jiran awon hawan jini ya daidaita tukuna, domin ɗaure jijiyar da ke zuba shi ne maganin. Jinkirin da na fi gani ba na ɗakin tiyata ba ne, na neman wanda zai sa hannu ne da wanda zai ba da jini. Inda jinin ya yi wuya, in wanda ya zuba a ciki sabo ne mai tsabta, ana iya kwashe shi a tace a mayar mata.

Ga wadda bututunta bai fashe ba amma ta wuce sharuɗɗan allura, aikin ƙananan huda da kyamara ya fi saurin warkewa in akwai kayan da gwani. In babu, yanka ciki yana yin aikin. Sai kuma zaɓin cire bututun gaba ɗaya ko tsaga shi a fitar da cikin. Kafin in taɓa bututu mai ciwon, ɗaya bututun nake fara dubawa. In lafiyarsa lau, cirewa nake yi, don damar sake samun ciki kusan ɗaya ce, kuma magana ta ƙare. Masu jin tsoron an raba haihuwarsu biyu nakan gaya musu bututu ɗaya yana iya ɗaukar ƙwai ko daga ɗaya gefen. In ɗayan ya lalace ko babu shi, sai in tsaga in bar mata, da sanin cewa ragowar mabiyiya na iya ci gaba da girma, don haka ita ma sai an bi hCG ɗinta duk mako, wata ma sai ta karɓi allurar daga baya.

Wadda rukunin jininta Rh negatif ne aka yi mata tiyata, a yi mata allurar kariya ta anti-D cikin awa 72. Kuma kowace hanya aka bi, kusan ɗaya cikin goma sukan sake yin irinsa, saboda haka da zarar gwajin fitsari ya nuna sabon ciki, ta zo a yi hoto a mako na 6 zuwa 7, ko da ba ta jin ciwon komai.