Talata: gudun kuɓuta da tambayar alkibla

Darasin yau ya tsaya cik a kan tambayar wata ɗaliba, wadda ta ce ba ta ga yadda za a yi abin da aka harba a kwance ya bar duniya da gudu ɗaya da wanda aka harba sama tsaye ba. Na ji daɗin tambayar, domin littattafai da yawa suna ba da amsar a layi guda su wuce, alhali hankali bai kwanta da ita ba.

Na fara da goge mgh daga allo, tun da wannan lissafi na makamashin da ake kashewa wajen ɗaga abu sama yana aiki ne kusa da ƙasa kawai, inda ƙarfin jan duniya bai canja sosai ba. Idan aka yi nisa ƙarfin yana raguwa, sai a koma ga U = −GMm/r, inda U yake nufin makamashin jan duniya, G adadi ne da ba ya canjawa, M nauyin duniya, m nauyin abin da aka harba, r kuma nisa daga tsakiyar duniya. Alamar ragin tana nuna bashi ne: abin da ke bisa doron ƙasa ana binsa kimanin jul miliyan 62.5 a kan kowane kilogiram, kuma ba zai kuɓuta ba sai makamashin motsinsa, wato ½mv², ya biya wannan adadi. Da aka daidaita ɓangarorin biyu, m ta fita, aka sami v = √(2gR). Muka saka 9.8 a matsayin g, wato ƙarfin jan duniya a doron ƙasa, da mita miliyan 6.371 a matsayin R, wato nisa daga tsakiyar duniya zuwa doronta, amsa ta fito kilomita 11.2 a daƙiƙa. Babu kusurwa ko ɗaya a cikin wannan lissafi, saboda makamashi adadi ne da ba shi da alkibla.

Ɗalibar ba ta gamsu ba, kuma a ganina tana da hujja, domin idan gudun bai kai na kuɓuta ba, alkibla tana da tasiri ƙwarai. Saboda haka bayan tashi daga aji na zauna na lissafa misali da gudun kilomita 9 a daƙiƙa, ba tare da saka iska a ciki ba. Makamashin motsi jul miliyan 40.5 ne a kowane kilogiram, ke nan saura bashin miliyan 22. Idan an harba abin sama tsaye, zai yi ta hawa har gudunsa ya ƙare gaba ɗaya, a tsawon kimanin kilomita 11,700 daga ƙasa, sannan ya faɗo. Idan kuwa an harba shi a kwance, ba zai wuce kimanin kilomita 5,350 ba, kuma a can ƙololuwar tafiyarsa yana nan yana gudun kilomita 4.9 a daƙiƙa a gicciye. Wannan gudun da ya rage shi ne makamashin da bai samu ya kashe wajen hawa ba.

A nan ne amsar take. Jan duniya kullum yana fuskantar tsakiyarta, don haka idan aka ninka nisan abin daga tsakiyar duniya da gudunsa na gicciye, sakamakon ba ya canjawa a duk tsawon tafiyar. Nisa ya ninka sau biyu, gudun gicciye ya koma rabi. Ya ninka sau dubu, gudun ya koma ɗaya bisa dubu. Abin da zai tafi nisan da ba shi da iyaka ba ya buƙatar riƙe komai na gudun gicciye, don haka dukan makamashinsa yana tafiya wajen biyan bashin, ko ta ina ya fara. Alkibla tana canja siffar hanyar da za a bi, amma ba ta canja ko za a dawo ko ba za a dawo ba.

Gobe zan ƙara musu da iyakokin maganar. Dole hanyar ta kasance ba ta ci karo da ƙasa ba, sannan iska tana cin makamashi, kuma wanda ya tafi a kwance ya fi daɗewa a cikinta. Akwai kuma juyawar duniya, wadda a layin da ya raba ta biyu take kai mita 465 a daƙiƙa zuwa gabas. Mai harbawa gabas daga can yana buƙatar kimanin kilomita 10.7 a daƙiƙa idan an auna daga ƙasa, mai harbawa yamma kuma fiye da 11.6, kodayake idan an auna daga tsakiyar duniya dukansu 11.2 suke yi.