Abin da duba takardun lauya ya koya mini

Aikina duba rubutu ne a wani ofishin lauyoyi da ke Titin Zoo a Kano. Takarda takan biyo ta hannuna kafin ta fita, amma sa hannun da ke ƙasanta na Barista ne, shi za a nema in magana ta taso. Shi ya sa ko waƙafi ba na taɓawa sai na kunna Track Changes a shafin Review na Word, ko na danna `Ctrl+Shift+E`. Daga nan abin da na goge zai tsaya da layi a tsakiyarsa, abin da na ƙara ya fito da launi, kowanne ɗauke da sunana.

Girman gyara shi na fi kula da shi. In jimla tana da kuskure uku, sai mutum ya goge ta ɗungurungum ya sake rubutawa, to ya ɗaure wa lauya hannu. Ja kawai zai gani ya cika layi, bai san me ya canza ba. Ni harafin da ya ɓace kaɗai nake sakawa, kowane gyara ya tsaya da ƙafarsa. Barista sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya danna Accept a kan wannan, Reject a kan wancan.

Akwai kuma abin da ba hurumina ba ne. An kawo mini yarjejeniyar hayar shago a Kantin Kwari. A lamba kuɗin haya ₦2,500,000 ne, a kalmomi kuwa miliyan biyu da dubu hamsin aka rubuta. Tazarar ₦450,000 ke nan, kuma ba na wurin sanda aka yi cinikin. Ban canza komai ba. Na zaɓi wurin, na danna `Ctrl+Alt+M`, na rubuta a gefe: "Ranka ya daɗe, lamba da kalmomi sun saɓa, a nan da shafi na 4. Wanne aka yi ciniki a kai?" Ya kira mai shagon, ya gyara da hannunsa. Haka nake yi da kwanan wata, da lambar fili, da sunan da ya zo Muhammad a sama, Mohammed a ƙasa, don wanda ke jikin katin shaidar mutum shi ake bi.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen turawa. Zaɓin No Markup da ke shafin Review, mai nuna takarda kamar an gama da ita, ɓoye gyaran kawai yake yi, bai share shi ba, lauyan ɗaya ɓangaren yana buɗewa zai ga komai har da tambayoyina. Don haka sai na mayar da takardar All Markup mai nuna duk gyaran, na buɗe Reviewing Pane inda ake jero su na ga babu saura, na goge bayanan gefe, sannan na fitar da PDF.