Tausar kyanwa kafin barci

Talata, da dare.

Bayan la'asar ɗin yau kyanwar gidan nan ta hau bargon ulu, ta zaga sau biyu, sannan ta fara abin da ta saba. Ta danna dagin dama, ta ɗaga, ta danna na hagu, a hankali kamar mai cuɗa ƙullu. Duk dannawa sai yatsun su buɗe, farata su leƙo su kama zaren bargon, idan ta ɗaga su koma ciki. Idanunta sun lumshe, tana wannan ƙaramin gurnani da ake cewa wuridi, har ɗigon yawu ya taru a haɓarta. Wajen minti uku ta yi a haka, ta naɗe jiki ta yi barci.

Asalin abin daga shan nono yake. Ɗan kyanwa tun idonsa bai buɗe ba yake danna cikin uwarsa da ƙafafun gaba, gefe da gefen kan nonon da ya kama. Dannawar tana taimaka wa jikin uwar ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke sa nono ya sauko. Ga ɗumi, ga ƙoshi, ga barci a biye, sai motsin ya haɗu da natsuwa a ƙwaƙwalwarsa, ya girma da shi. Shi ya sa babbar kyanwa ba ta cika yin tausa a kan siminti ko katako ba. Abu mai laushi da ɗumi take nema, kuma cinyar mutum ta haɗa duka biyun. Yawun ma daga nan yake, baki ne ya tuna da tsotso.

Akwai ƙarin dalili. Tsakanin yatsunta akwai ƙananan wuraren da ke fitar da wani ƙanshi da hancinmu ba ya ji, don haka duk inda ta tausa ta bar shaidarta. Wasu kuma na cewa gado ne daga kyanwar daji mai tattake ciyawa kafin ta kwanta. Yana iya yiwuwa, amma ni hujjar nono ta fi gamsar da ni, domin ita ce ake gani da ido a kowace haihuwa.

Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce farce a cinya. Ba mugunta ba ce, buɗewar yatsu ce ke fito da shi. Tsawa ko duka ba sa hana ta, sai dai su sa ta ji tsoron mai ita a daidai lokacin da ta fi sakin jiki da shi, kuma wannan yana ba ni tausayi ƙwarai. A ninka tawul mai kauri biyu a ɗora a cinya, magana ta ƙare. Sannan a riƙa rage farcen gaba duk mako 2 zuwa 3. A matsa tafin dagin a hankali har farcen ya fito, a duba shi a haske, za a ga wani jan-jan a ciki daga tushe. Nan jini da jijiya suke. Tsinin kawai ake cirewa, milimita 1 zuwa 2. A tuna kowace ƙafar gaba farce 5 gare ta, na biyar ɗin yana can sama ta ciki, ba ya taɓa ƙasa, kuma shi aka fi mantawa har ya lanƙwashe ya shiga nama.

Abin da ya fi farce haɗari shi ne tsotsar bargo. Wata kyanwar tana tausa tana tsotsar ulu, an fi ganin haka ga waɗanda aka raba da uwa kafin mako 8, da kuma jinsin Siyamis da Bamis. Tsotso kaɗai ba komai. Amma a ɗaga bargon a duba: idan jiƙewa kawai ya yi, lafiya lau, idan kuwa akwai rami ko zare ya ɓace, to haɗiyewa take yi. Dogon zare kan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki, hanji ya tattare a kansa har ya yanke. Alamunsa amai a kai a kai, ƙin abinci, da lafewa wuri guda. Idan aka ga zare ya leƙo ta baki ko ta dubura, kada a ja shi ko kaɗan, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Irin wannan kyanwa a ɗauke mata bargon saƙa, a ba ta mai santsi wanda ba ya warwarewa.

Kar kuma a rikita tausa da neman muzuru. Mace mai neman barbara da ƙafafun baya take tattakawa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, wutsiya a gefe, da kuka mai tsawo.

Na duba bargon na yau bayan ta tashi. Zare biyu sun ɗago inda farcen ya kama, babu rami, babu jiƙewa. Gobe da safe ranar yankan farce ce.